Me ya sa jajayen ƙwayoyin jini suke kumbura ko su motse a ruwan gishiri? Tambayoyi da amsoshi kan osmosis da tonisiti

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu karatun jinya da na aikin lab da ƴan sakandare masu shirin jarabawa suke yawan yi, wasu ma kusan duk shekara sai sun dawo. Na jera su yadda ɗaya za ta kai ka ga ta gaba, don haka gara a bi su a jere.

Malam, wai mene ne osmosis ɗin nan a taƙaice?

Tafiyar ruwa ce ta cikin wani tantani wanda yake barin ruwa ya wuce amma yana tare wasu abubuwan da suka narke a cikinsa. Ruwan yana barin ɓangaren da narkakkun abubuwa suka yi kaɗan ya koma ɓangaren da suka fi yawa, har sai ɓangarorin biyu sun daidaita ko kuma wani matsi ya tsayar da shi. Shikenan fa. Inda mutane suke rikicewa shi ne suna zaton gishirin ne yake tafiya, alhali gishirin yana nan inda yake don tantanin ya hana shi, ruwa ne ke zuwa ya same shi.

Ita jar ƙwayar jini fatarta irin wannan tantanin ce, kuma ruwa na ratsa ta da gudun gaske saboda akwai wasu ƙananan ƙofofi na furotin a jikinta da ake kira akwaforin, waɗanda Peter Agre ya nuna aikinsu a 1992, har ya samu kyautar Nobel a 2003 a kan haka. Shi ya sa in ka ɗiga jini a ruwa zalla ba ka jiran minti goma, kafin ka gama gyara madubin maikroskof ɗinka aikin gama ya gama.

To me ke cikin ƙwayar da har yake jan ruwa?

Himoglobin ne cike da ita, ga fotashiyam mai yawa, ga kulorayid da wasu ƙananan abubuwa. A waje kuma, wato cikin ruwan jini da ake ce wa filasma, sodiyam da kulorayid ne suka fi yawa. Abubuwan ciki da na waje ba iri ɗaya ba ne amma adadinsu in an ƙirga ya yi daidai, kuma shi osmosis ba ruwansa da sunan abu ko girmansa, adadin ƙwayoyin da suka narke kawai yake dubawa. Ana auna wannan adadin da miliosmol, kuma jinin mai lafiya yana tsakanin 275 zuwa 295 a kowane kilo na ruwa. Mu riƙe 290 ko mu ce kusan 300 don sauƙin lissafi.

Sodiyam yana ɗan sulalewa ciki a hankali, amma akwai famfo a jikin tantanin da yake fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotashiyam 2 a kowane zagaye, don haka a aikace kamar sodiyam ɗin bai iya shiga ne. Wannan ne ya sa gishiri yake iya riƙe ruwa a waje.

Me ya sa kashi 0.9 cikin ɗari? Wa ya zaɓi wannan lambar?

Lissafi ne, bari mu yi shi tare. Nomal salin, wato ledar ƙarin ruwan nan da kowa ya sani a asibiti, an rubuta 0.9% a jikinta, ma'ana giram 0.9 na gishiri a cikin mililita 100, wato giram 9 a lita ɗaya kenan. Nauyin mol ɗaya na NaCl kusan giram 58.5 ne. In ka raba 9 da 58.5 za ka samu 0.154, wato milimol 154 a lita. To amma gishiri in ya narke rabuwa yake gida biyu, sodiyam daban kulorayid daban, sai ka ninka biyu, ya zama 308.

Wani zai ce ai 308 ya wuce 290. Haka ne a takarda, sai dai a cikin ruwa sodiyam da kulorayid suna ɗan jan juna, ba sa aiki kamar cikakkun ƙwayoyi biyu masu zaman kansu, don haka in aka auna da na'ura abin yana saukowa wajen 286 zuwa 290, ya yi daidai da jini. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Hamburger ne a ƙarshen ƙarni na 19 ya yi ta gwada jajayen ƙwayoyin jini a ruwan gishiri iri-iri, ya ga cewa a wajen 0.9 ne ƙwayoyin ɗan Adam suke zama yadda suke.

Ruwan da ƙwaya ba ta kumbura ba ta motsewa a cikinsa shi ne aisotonik. Wanda ya gaza shi gishiri, ƙwaya ta kumbura, haifotonik. Wanda ya fi shi, ƙwaya ta motse, haifatonik. A jarabawa ku kula da biyun ƙarshen nan don sunayen sun yi kama ƙwarai, ana asarar maki a kansu a banza.

In ruwa ya fara shiga, me ya sa ba ta fashewa nan take?

Nan ne abin ya fi daɗi, kuma nan ne littattafan sakandare suke wucewa da sauri. Jar ƙwayar jini ba dunƙule take kamar ƙwallo ba, faifai ce mai loɓawa a tsakiya ta fuska biyu, faɗinta kamar maikromita 7 zuwa 8. Wato tana da fata fiye da abin da ke cikinta yake buƙata. Ka ɗauki ledar fiya wata da aka sha kusan rabi, in ka ƙara mata ruwa ba miƙewa ledar take yi ba, cika kawai take tana zama dunƙulalliya, sai ta cika tam sannan in ka ƙara ta yage. Haka ƙwayar take. Fatarta na lanƙwasuwa yadda ake so amma ba ta miƙewa, in faɗin fatar ya ƙaru da kamar kashi 3 ko 4 cikin ɗari kawai sai ta huje.

Girman ƙwaya ɗaya kamar femtolita 90 ne, wannan ita ce lambar MCV da kuke gani a takardar gwajin jini. Fatar da take da ita za ta iya ɗaukar wajen 150 in ta zama ƙwallo sosai. Tsakanin 90 da 150 ɗin nan kumburi ne kawai, kuma in ka mayar da ita ruwan 0.9 za ta koma yadda take. In ta wuce nan sai fatar ta buɗe, himoglobin ya zube cikin ruwa, a bar fanko wanda da ƙyar ake ganinsa a madubi. Wannan fashewar ita ce himolisis, kuma ita ba ta da gyara.

Za a iya lissafa yadda za ta kumbura a kowane ruwa?

Za a iya, a kimance. Mu ce cikin 90 ɗin nan, kamar 60 ruwa ne, 30 kuma himoglobin da sauran abubuwan da ba sa kumbura ba sa motsewa. Ɓangaren ruwan ne kaɗai yake canjawa, kuma dokarsa mai sauƙi ce: in gishirin waje ya ragu da rabi, ruwan ciki sai ya ninka kafin a daidaita.

Sabon girma = 30 + 60 × (0.9 ÷ gishirin waje)

Mu saka ta a ruwan 0.6%. 0.9 a raba da 0.6 ya ba da 1.5, sau 60 ya zama 90, a haɗa da 30, 120 kenan. Ta kumbura, loɓawar tsakiyar ta kusa ɓacewa, amma tana nan da ranta don ba ta kai 150 ba. Yanzu mu saka ta a 0.45%, wato rabin nomal salin. 0.9 a raba da 0.45 ya ba da 2, sau 60 ya zama 120, da 30, 150 cif. Ka ga ta kai bakin iyaka kenan, kuma abin sha'awa shi ne a lab ma daidai wajen nan ne, tsakanin 0.5 da 0.45, ake fara ganin jan launi a ruwan. A 0.3% lissafin zai ba ka 210, girman da ba ta isa ta kai ba, ta fashe tun a hanya.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 1.8% rabin ruwanta zai fita, 30 da 30 ta koma 60. Lambobin 60 da 30 ɗin nan na sauƙaƙa su ne, ƙwayar gaske ba ta bin lissafin daidai wa daida musamman in gishiri ya yi yawa sosai, amma hanyar tunanin ita ce wannan.

Yaya motsattsiyar ƙwaya take a maikroskof?

Ta ƙanƙance, gefenta ya yi tsini-tsini ko kunya-kunya zagaye, saboda fatar tana nan da yawanta amma abin da ke ciki ya ragu, dole ta yamutse. Ana ce wa wannan kirineshan. A ruwan 3%, wanda miliosmol ɗinsa ya haura 1000 kaɗan, za ka gan shi ƙarara.

Amma ɗan lab ya yi hattara, ba duk ƙwaya mai tsini ce ta nuna matsala a jikin mara lafiya ba. In jinin ya daɗe a kwalba kafin a shafa shi a gilashi, ko shafin ya bushe a hankali, ko jinin ya yi kaɗan a kwalbar EDTA, mai maganin hana jini daskarewa, har maganin ya fi ƙarfinsa, duk za ka ga irin wannan siffar. Yadda ake ganewa shi ne in kusan duk ƙwayoyin wani yanki na gilashin sun yi haka iri ɗaya, to ka zargi aikinka kafin ka zargi mara lafiya, ka ɗebi sabon jini ka sake shafawa.

Ba mu da maikroskof mai kyau a makarantarmu, akwai yadda za mu gani da ido?

Akwai, kuma ni na fi son wannan ma. A jera kwalaben gwaji, a zuba mililita 5 na ruwan gishiri a kowace: 0.9, 0.6, 0.5, 0.45, 0.4, 0.35, 0.3, sai ta ƙarshe ruwa zalla. Haɗawar ba wuya, in kana da ruwan 1% to don samun 0.6 sai ka ɗebi mililita 6 ka cika da tataccen ruwa zuwa 10, haka sauran. A ɗiga ɗigon jini ɗaya a kowace, a juya a hankali ba girgizawa ba, a bar su kamar rabin awa. Jinin kuma malamin lab ne zai kawo wanda aka tantance, da safar hannu, ba ɗalibai su riƙa soke yatsun juna ba.

Ka ɗora kwalbar a gaban rubutun jarida. Wadda ƙwayoyinta suke nan lafiya ja ce mai duhu-duhu, gurɓatacciya, ba ka iya karanta komai ta cikinta domin ƙwayoyin suna warwatsa haske. Wadda suka fashe kuwa ja ce garau kamar tataccen zoɓo, rubutu na fitowa tar. In akwai santirifuj, wato na'urar da ke juya kwalabe da gudu har ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, sai a juya su: a 0.9 za ka ga jan dunƙule a ƙasa da farin ruwa a sama, a wajen 0.45 ruwan saman ya fara ja amma da sauran dunƙule, a wajen 0.35 zuwa 0.3 kuwa ba dunƙule ko kaɗan, duk sun fashe.

Me ya sa ba sa fashewa gaba ɗaya a kwalba guda?

Don ba sa'annin juna ba ne. Jar ƙwaya tana rayuwa kamar kwana 120, kuma tana tsufa tana zubar da ɗan ɓangaren fatarta, sai rarar fatar ta ragu, ita ce ke fara fashewa. Sababbin da suka fito daga ɓargo suna da rara sosai, su ke jurewa har ƙarshe.

Wannan ne ma ya sa gwajin ya zama na gano cuta. Akwai wata cutar gado, sifirosaitosis, da ƙwayoyin mai ita suke dunƙule tun asali, ba su da wajen ƙara ruwa, sai ka ga sun fara fashewa a ruwan da na mai lafiya ko gezau ba su yi ba. Masu talasimiya da masu ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma akasin haka ne, ƙwayoyinsu sun fi faɗi da sirantaka, abin ciki kaɗan fata da yawa, don haka sun fi jurewa.

Malaminmu ya ce osmolariti daban tonisiti daban. Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma in ka gane wannan ka gane darasin duka. Osmolariti ƙirga ne na duk abin da ya narke a ruwa, na'ura ma za ta auna maka ba tare da ko ƙwaya ɗaya a wajen ba. Tonisiti kuwa tambaya ce ta me zai faru da ƙwayar in an saka ta, kuma abubuwan da ba sa iya ratsa fatarta ne kawai suke shiga wannan lissafin.

Misalin da ake bayarwa kullum shi ne yuriya, dattin nan da ƙoda ke fitarwa a fitsari. Ka haɗa ruwan yuriya mai miliosmol 300, na'ura za ta ce maka daidai yake da jini. Ka ɗiga jini a ciki, sai ka ga ya fashe kamar ka zuba shi a ruwa zalla. Dalili shi ne jar ƙwaya tana da ƙofar da yuriya ke shiga da sauri, to yuriyar ta shiga har ta daidaita ciki da waje, ta fita daga lissafi kenan, abin da ya rage shi ne himoglobin da fotashiyam a ciki, a waje kuma babu komai da zai riƙe ruwa, sai ruwa ya bi ya cika ƙwayar har ta fashe. To in kuma ka zuba yuriyar nan a cikin ruwan 0.9, na'ura za ta nuna wajen 600, ka yi zaton ƙwayar za ta bushe, amma ɗan motsewa za ta yi na ɗan lokaci ta dawo girmanta, don gishirin da ke wajen shi ne mai hukunci.

A asibiti ma ana ganin haka, mai ciwon ƙoda yuriyar jininsa na iya hawa sosai, osmolariti ya hau, amma ƙwayoyinsa ba su motse ba.

To ledar dekstros 5% fa, wane aji take?

A cikin leda kusan daidai take da jini, giram 50 na sukari a lita, miliosmol ɗinta tsakanin 250 da 280 gwargwadon irin sukarin da aka auna. Amma da ta shiga jiki sai ƙwayoyin jiki su ɗauke sukarin su ƙone shi, abin da ya saura ruwa ne zalla da zai bazu ko'ina har cikin ƙwayoyi. Shi ya sa ba a ba wanda ya bugu a ka ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, kuma shi ya sa ba a haɗa ta da ƙarin jini a layi ɗaya, don a cikin robar tana iya sa ƙwayoyin su cure ko su fashe. Nomal salin ce abokiyar tafiyar jini. Ringas laktet, wani ruwan ƙarin, ita ma galibi ana kauce mata a layin jini, amma ita dalilinta daban ne, kalsiyam ɗin cikinta ne ake tsoron ya sa jinin ya daskare.

Amma ai ana saka wa mutane 0.45% a jijiya, kuma kun ce a nan ake fara fashewa?

A kwalbar gwaji ɗigon jini ɗaya ne a cikin ruwa mai yawa, ruwan ne ke da rinjaye. A jijiya kuwa ruwan ne yake ɗiga kaɗan-kaɗan cikin jini mai gudu, babban mutum yana da kusan lita 5, nan da nan ya gauraye, ba wata ƙwaya da za ta zauna a ruwan 0.45 na tsawon lokaci. Tataccen ruwa zalla ne ba a sakawa a jijiya a matsayin ƙarin ruwa, domin shi a bakin allurar ma yake fasa ƙwayoyin da ya tarar, himoglobin ɗin da ya zube ya je ya lalata ƙoda, fitsari ya yi ja ko baƙi-baƙi, fotashiyam ɗin da ya fito kuma yana iya rikita bugun zuciya.

Kuma gaskiya in ruwa ya yi yawa a jiki ba jar ƙwaya ce ke fara shan wahala ba, ƙwaƙwalwa ce. Ita jar ƙwaya tana da rarar fata, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai ba wajen faɗaɗa, shi ya sa in sodiyam ɗin jini ya faɗi da sauri daga inda ya saba, wato 135 zuwa 145, ake ganin ciwon kai da amai da ruɗewa har da jijjiga tun jajayen ƙwayoyi ba su ma kusa fashewa ba.

In na sha ruwa da yawa jinina zai fashe kenan?

A'a. Ruwan da ka sha hanji ne ke tsotse shi a hankali, ya bazu cikin ruwan jiki gaba ɗaya, ƙoda kuma ta zubar da rarar.

Wannan darasin yana da alaƙa da sikila?

Ƙwarai, kuma tunda cutar tana da yawa a wajenmu ya kamata a sani. Himoglobin S, wato irin na masu sikila, yana curewa ya zama dogayen zare in iskar oksijin ta yi ƙasa, kuma saurin curewar ya dogara sosai da yadda ya yi kauri a cikin ƙwayar. In ƙwaya ta rasa ruwa ta motse, himoglobin ɗin ciki ya ƙara kauri, ƙarin kauri ɗan kaɗan ma yana sa curewar ta zo da wuri sosai, sai ƙwayar ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan na cikin dalilan da ake ta nanata wa masu sikila su sha ruwa, musamman lokacin zafin bazara ko in ana zazzaɓi ko gudawa.

A cikin ƙoda abin ya fi tsanani. Can tsakiyarta jiki da kansa yake tara gishiri da yuriya har osmolariti ya kai wajen 1200 don ya iya tattara fitsari, ga oksijin kaɗan a wajen, duk ƙwayar da ta ratsa sai ta motse. Ga mai sikila wannan yana lalata ƙananan jijiyoyin wajen tun yana yaro, ƙodar ta kasa riƙe ruwa, shi ya sa za ka ji iyaye na kukan yaro yana yawan fitsari ko fitsarin kwance ya ƙi ƙarewa, kuma shi ya sa suke saurin bushewa fiye da sauran yara.

An dawo da jinin da na ɗiba an ce ya fashe, me na yi ba daidai ba?

Wani lokaci osmosis ne, kamar in kwalbar ko sirinjin akwai sauran ruwa a ciki. Amma yawanci ƙarfin hannu ne: allura siririya ƙwarai, ko jan sirinji da ƙarfi, ko tura jinin cikin kwalba ta allura da matsi, ko girgiza kwalbar, ko barin ta a zafin mota ko jikin ƙanƙara. Rashin barin sifirit ya bushe a fata kafin a soka ma yana jawo shi. Alamarsa bayan an juya jinin shi ne ruwan saman da ya kamata ya zama rawaya-rawaya sai ya yi hoda ko ja. Abin da ya sa lab ke ƙin karɓa shi ne fotashiyam ɗin cikin ƙwaya ya ninka na waje fiye da sau 20, don haka ko kaɗan ne suka fashe sakamakon zai nuna fotashiyam ya hau alhali a jikin mutumin lafiya lau yake, likita kuma yana iya ba da maganin sauke shi a kan ƙarya. Sai dai a sake ɗiba da allurar da ta dace, a ja a hankali, a cire allurar kafin a zuba jinin ta gefen kwalba.